Idan Jagororin Kundi Biyu Suka Saɓa a Kan Babi Guda

Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri na biyu ko na uku a jami'o'in Nijar ba kasafai yake da jagora ɗaya tak ba. A Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, an saba ganin sunaye biyu a bangon kundi. Na farko shi ne darakta, malami mai babban matsayi bisa matakan da hukumar CAMES ke tantancewa, kuma shi ke sa hannu kafin a ba ɗalibi izinin kare aikinsa gaban alƙalan kundi, abin da ɗalibai ke kira sutnans. Na biyu yakan kasance malami mai ƙaramin matsayi wanda ya fi zama da ɗalibin, ko ƙwararre daga wani fanni, ko ma'aikacin da ya kula da shi lokacin da ya fita binciken ƙauyuka. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tsarin ya ɗan bambanta, don kwamiti ake naɗawa mai shugaba da mamba, amma matsalar ɗaya ce: mutum biyu sun karanta babi guda, kowa ya maido shi da jan biro, kuma abin da wannan ya ce a ƙara shi ne wancan ya ce a cire.

Wannan lacca za ta bi misali ɗaya daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Misali ne na koyarwa, lambobin da ke cikinsa an tsara su ne don a ga yadda lissafin ke tafiya, amma ƙasar da dokokin da aka ambata na gaske ne.

A ɗauka ɗalibi ne na digiri na biyu a tsangayar noma da muhalli, yana bincike kan rigingimun manoma da makiyaya a kwarin Tarka. Ya zagaya ƙauyuka 6, uku a kudancin kwarin, uku a arewacinsa, ya yi wa magidanta 120 tambayoyi, 96 manoma, 24 makiyaya. Ya kuma kwafo ƙararrakin da aka rubuta a rajistar hukumomin kula da filaye, wato Kofo, waɗanda dokar karkara ta 1993 ta tanadi kafa su. Babi na uku, babin sakamako, shi ne ya tura wa jagororinsa. Darakta farfesa ne a kimiyyar noma, mai son alƙaluma. Jagora ta biyu malama ce a ilimin zamantakewa, ta daɗe tana aiki da makiyaya. Farfesa ya rubuta cewa hirarrakin sun yi yawa, a rage su, a sa jadawali, a yi gwajin lissafi da zai nuna ko manoma da makiyaya sun bambanta wajen abin da suke ɗauka shi ne tushen rikici. Malama ta rubuta cewa jadawalin da ke ciki ma ba su faɗi komai ba, makiyayan da aka tambaya sun yi kaɗan, a koma daji a ƙara hira, a ba muryarsu wuri.

Abin da ɗalibi yakan fara yi a irin wannan hali shi ne buɗe babin ya kama gyara, kuma nan ne kuskuren farko. Aikin farko ba a cikin babin yake ba. Ana ɗauko takarda dabam, a kwashe dukkan gyare-gyaren mutanen biyu a jera su bisa lambar shafi, na farfesa a gefe guda, na malama a ɗaya gefen, kowane da kalmomin mai shi, ba da fassarar da ɗalibi ya yi masa cikin ɓacin rai ba. Wanda aka faɗa da baki a ofis ko aka turo ta saƙon murya a WhatsApp, shi ma a rubuta shi da ranarsa. Amfanin wannan jeri shi ne yana rage girman abin. Ɗalibin da ya ji kamar an rushe masa babi gaba ɗaya yakan tarar cewa cikin gyara 30 ko 40, mafi yawansu ba su ma haɗu a shafi ɗaya ba, ballantana su yi karo. Waɗannan sai a yi su kawai, ba sai an tambayi kowa ba.

Daga cikin waɗanda suka rage, wasu ba saɓani ba ne, ruɗani ne na kwafi. Ɗalibin da ke zaune a Dakoro, jagoransa ɗaya yana Maraɗi ɗayan yana Yamai, yakan ba wannan bugaggen kwafi lokacin da ya shiga gari, bayan mako uku ya tura wa wancan ta waya, alhali a tsakani ya sake taɓa babin. Sai farfesa ya ce jadawali na biyu babu shi, malama ta ce jadawali na biyu ya yi tsawo, kuma duk su biyun gaskiya suka faɗa. Maganin wannan mai sauƙi ne: kwafi ɗaya, rana ɗaya, saƙo ɗaya da ya haɗa su biyun, kuma sunan fayil ya ɗauki lambar kwafi da kwanan wata, kamar `babi3_v4_12-03.docx`. Wasu kuma na ɗanɗano ne, irin yadda ake rubuta sunan marubuci da shekara, ko a sa taswira a farkon babi ko a ƙarshe. Idan tsangaya tana da littafin ƙa'idar rubuta kundi, shi ne alƙali. Idan ba ta da shi, a bi darakta, a wuce. Ɗalibin da ya ɓata ziyarar ofis a kan waƙafi ya yi asarar damar da zai buƙata gobe.

Akwai wani nau'in da ya fi waɗannan ban sha'awa, kuma shi ake yawan ɗauka saɓani alhali yarjejeniya ce. A shafi guda farfesa ya rubuta "a taƙaita", malama ta rubuta "a faɗaɗa". A zahiri umarni biyu ne masu cin karo. Amma idan aka duba da kyau, su biyun sun tsaya ne a wuri ɗaya saboda wurin bai gamsar da su ba: ɗalibi ya kawo maganar wani mai gari mai tsawon rabin shafi, bai ce ga abin da take nunawa ba. Farfesa ya ga magana ba amfani ya ce a yanke, malama ta ga magana ba sharhi ta ce a ƙara. Idan aka rage maganar mai garin zuwa layi huɗu, aka bi ta da sakin layi ɗaya mai bayyana abin da ta tabbatar, an biya buƙatar kowa. Ƙa'idar da za a riƙe a nan ita ce, jagora ya fi zama daidai wajen nuna inda ciwo yake fiye da wajen rubuta magani, domin maganin yakan rubuta shi ne a gurguje, da idon fanninsa.

Bayan an tace duk wannan, abin da ya rage a misalin nan guda ɗaya ne, kuma saɓani ne na gaske: shin babin zai tsaya a kan ƙidaya ne ko a kan hira? A nan ne ya kamata a daɗe.

Kafin a kai maganar gaban kowa, sai ɗalibi ya gwada kowace buƙata da bayanan da ke hannunsa, domin sau da yawa bayanan da kansu ke yanke rabin shari'ar. A fara da buƙatar farfesa. Gwajin da ya nema, wanda ake kira ki-kare, yana kwatanta abin da aka ƙirga da abin da za a sa ran gani in da babu bambanci tsakanin ɓangarorin biyu. A ce magidanta 120 ɗin sun kasu haka wajen ambaton babban tushen rikici: 62 sun ce ɓarnar gona, 28 sun ce toshe burtali, 15 sun ce rijiya, 15 sun ce satar dabbobi. Adadin da ake sa ran gani a kowane gurbi ana samun sa ne ta hanyar ninka jimillar layi da jimillar ginshiƙi, a raba da jimillar duka. Ga makiyaya a gurbin rijiya, 24 sau 15 a raba da 120 ya ba da 3. A gurbin sata ma 3 ne. Sharaɗin da aka saba bi, wanda masanin ƙididdiga William Cochran ya shimfiɗa, shi ne kada guraben da adadinsu ya gaza 5 su wuce kashi 20 cikin 100 na dukkan gurabe. Jadawalin nan gurbi 8 ne, biyu sun gaza, kashi 25 ke nan. An karya sharaɗin. Wanda ke aiki da manhajar R zai ga ta faɗa masa da kanta:

```
Chi-squared approximation may be incorrect
```

Wannan bai rufe ƙofa ba. Ana iya haɗe rukuni biyu su zama ɗaya, ko a koma ga gwajin Fisher ta umarnin `fisher.test()`, wanda ba ya buƙatar wancan sharaɗi. Sai dai haɗe rijiya da sata a rukuni guda don kawai lissafi ya yarda abu ne da duk wanda ya san daji zai yi wa dariya, don rigimar bakin rijiya da satar shanu ba mutane ɗaya suke shafa ba, ba kuma lokaci ɗaya suke faruwa ba. Gwajin Fisher zai fitar da lamba, amma ba zai gyara babbar matsalar ba, wadda ita ce malama ta hango.

Makiyaya 24 ɗin nan su wane ne? Ɗalibi ya yi zagayensa ne da kaka, kafin a saki gonaki. A lokacin, masu manyan garke da ke tafiya da damina zuwa arewa, wajen Bermo da Gadabeji har gaba, ba su gama gangarowa ba. Waɗanda ya tarar su ne mazauna, masu ruga kusa da ƙauye, da yawansu ma suna noma, sun san mai gari, mai gari ya san su. Masu wucewa, waɗanda burtali da mashaya suka fi shafa, ba su shiga samfurin ba ko kaɗan. Duk gwajin da aka yi da waɗannan 24, sakamakonsa na makiyaya mazauna ne, ba na makiyayan Tarka ba. Rajistar Kofo ma tana da irin wannan giɓi. Abin da ke cikinta shi ne rigimar da ta kai ga takarda, alhali mafi yawan ɓarna a gaban mai gari ko hakimi ake sasanta ta, a biya abin da za a biya, kowa ya kama gabansa. Ga kuma dokar 26 ga Mayu 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, wadda a wannan yanki ake danganta ta da kwarin Tarka, kuma dokar kiwo ta 2010 ba ta soke ta ba. Manomin da gonarsa ke arewa da wannan iyaka yana da dalilin da zai sa ya yi jinkirin kai ƙara gaban hukuma. Saboda haka idan rajista ta nuna ƙararraki sun fi yawa a kudu, ba a san ko rigima ce ta fi yawa a can ba, ko kuwa kai ƙara ne ya fi sauƙi.

Har nan malama ce ke da rinjaye. Amma ita ma sai a auna buƙatarta da ma'auni ɗaya. Ta ce a koma daji. Yaushe? Idan gyaran ya zo a watan Yuni, ruwa ya fara sauka, garken sun juya arewa, kuma ba za su dawo kudu da yawa ba sai bayan girbi, idan hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki, abin da yakan faɗo wajen ƙarshen shekara. Bin su zuwa mashekarinsu na damina yana buƙatar babur, mai, tafinta mai jin Fulatanci ko Tamashek, da izinin tafiya a yankin da sha'anin tsaro ba ya tabbata. Jiransu kuma yana nufin ɗalibi ya rasa zangon kare kundi na wannan shekara, ya sake biyan kuɗin rajista. A digiri na uku, inda ake da shekaru uku ko fiye, wannan buƙata mai yiwuwa ce, kuma daidai ce. A digiri na biyu, inda zangon karatu ɗaya aka ware wa kundi, nauyinta ya fi ƙarfin aikin. Ashe kowane jagora ya faɗi gaskiya game da raunin babin, kuma kowane ya nemi abin da ba zai yiwu yadda ya faɗe shi ba.

Daga nan sai a koma babi na ɗaya, a karanta tambayar bincike kamar yadda aka rubuta ta aka kuma amince da ita tun farko. Ita ce alƙalin da jagororin biyu suka riga suka sa wa hannu. Idan tambayar ta ce a gano yawan rigingimu da yadda suka rarrabu tsakanin kudu da arewa, to farfesa ne ke kan hanya, kuma aikin ɗalibi shi ne ya faɗi iyakar abin da ƙidayarsa za ta iya ɗauka. Idan ta ce a gano yadda ake sasanta rigingimu da dalilin da ya sa wasu ke kaiwa ga hukuma wasu ba sa kaiwa, to hira ce ƙashin bayan babin, jadawali ɗan rakiya ne. Abin da aka fi tararwa, kuma shi ne asalin yawancin irin wannan saɓani, shi ne tambayar ta haɗa duka biyun cikin jimla ɗaya mai faɗi, irin "nazarin rigingimun manoma da makiyaya a kwarin Tarka". Kowane jagora ya karanta rabin da ya dace da fanninsa ya amince, kuma ba wanda ya lura sai da sakamako ya zo. Ɓarakar ta bayyana a babi na uku, amma a babi na ɗaya aka yi ta.

Yanzu ɗalibi yana da abin da zai kai. Abin da zai rubuta shafi ɗaya ne, ba fiye ba, zuwa ga su biyun a saƙo guda. Zai fara da gyare-gyaren da ya riga ya yi, don kowa ya ga an ji maganarsa. Sannan ya kawo batu ɗayan da ya rage, ya faɗi matsayin kowane jagora da kalmomin da mai shi zai yarda nasa ne. Wannan wuri yana son kulawa: idan farfesa ya karanta yadda aka bayyana ra'ayinsa ya ji an rage masa ƙarfi, taron ya lalace tun kafin a zauna. Bayan haka ya kawo hanyoyi biyu ko uku, kowace da abin da za ta ci na lokaci da kuɗi da kuma abin da za ta bari ba a amsa ba, ya kuma faɗi wadda shi ya fi karkata gare ta da dalilinsa. Ɗalibai da yawa suna tsoron wannan jimla ta ƙarshe, suna ganin rashin kunya ce yaro ya yi zaɓi tsakanin manya. Amma kundin sunansa ne a kai, shi zai tsaya gaban alƙalai, kuma jagora ya fi samun sauƙin cewa "na yarda" ko "ban yarda ba saboda kaza" a kan shawara tsayayya fiye da a miƙa masa rigima ɗanya a ce ya warware. Ladabi yana cikin lafazi: "Ranka ya daɗe, ga abin da na fahimta, ga inda na karkata, ina neman ku duba ko na kauce." Ba a rubuta "Malama ta ce gyaranku ba daidai ba ne", ko da ta faɗa.

A misalin nan, hanyar da ta fi tsayuwa ita ce a rage faɗin iƙirarin babin. Manoma 96 sun isa a yi musu jadawali da gwaji, a kwatanta na kudu da na arewa, tare da faɗin cewa daga ƙauyuka 6 kawai suka fito, kuma mutanen ƙauye ɗaya sukan ba da amsa mai kama da juna. Farfesa ya sami lissafinsa a inda lissafi ke da ƙafar tsayuwa. Makiyaya 24 kuma a fitar da su daga gwajin, a kira su da sunansu na gaskiya, makiyaya mazauna, a ba su sashe nasu da aka gina a kan hira. Alƙaluman Kofo a sa musu take mai gaskiya, "ƙararrakin da aka rubuta", kada a ce "rigingimun da suka faru". Rashin masu wucewa a faɗe shi ƙarara a sashen iyakokin bincike, da dalilinsa na lokacin zagaye. Sannan a koma babi na ɗaya a gyara tambayar ta yi daidai da abin da aka amsa. Idan akwai hali, hira biyar ko shida da shugabannin makiyaya da ake samu a garin Dakoro ranar kasuwa, ko ta hanyar ƙungiyar makiyaya ta AREN, za ta rage giɓin ba tare da an jira sakin gonaki ba, muddin ba a yi da'awar ta cike shi ba.

Zaman da za a yi a kan wannan shafi ya fi kyau ya haɗa mutum uku a lokaci guda, ko da ɗaya ta waya zai shiga. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa kai saƙo tsakanin manya biyu: magana tana canja kama a hanya, kuma ɗan aike ake tuhuma. Malamai biyu da suka yi wata guda suna soke gyaran juna ta hannun ɗalibi sukan daidaita cikin minti ashirin idan suka ji juna kai tsaye, domin kowa yana sassauta lafazi a gaban abokin aikinsa. A wurin zaman ɗalibi ya fi yawan saurare da rubutu. Kafin a tashi ya karanta abin da aka tsayar da babbar murya, a ranar kuma ya tura shi a rubuce ga su biyun cikin layi biyar ko shida, ya roƙi wanda ya ga kuskure ya gyara. Wannan ɗan saƙo yana da daraja fiye da yadda ake zato. Bayan wata uku, jagoran da ke duba kundi goma sha wani abu zai iya manta abin da ya amince da shi, ya sake rubuta tsohon gyaransa, ba da mugunta ba. Saƙon ne zai tuna masa ba tare da an yi musu ba.

Hanyoyin da ɗalibai ke bi don kauce wa wannan zama sanannu ne, kuma kowace tana barin alama. Akwai mai yin kwafi biyu, ɗaya na farfesa ɗaya na malama, yana fatan Allah ya kawo mafita kafin ranar ajiye kundi; ranar tana zuwa, dole a buga ɗaya, kuma wanda aka yi wa rufa-rufa zai gane a zauren sutnans, gaban jama'a. Akwai mai bin darakta shiru ya share gyaran jagora ta biyu, yana lissafin cewa sa hannun darakta ne ke da amfani. Lissafin daidai ne ta fuskar takarda, amma raunin da malama ta gani yana nan, kuma cikin alƙalai akwai wanda aka ba kundin musamman don ya nemo irinsa. Wanda ya fi yawa shi ne mai ɗinki: ya sa duk abin da kowa ya ce, babin ya kumbura daga shafi 25 zuwa 45. Ana gane irin wannan babi da abu biyu. Kalma ɗaya tana ɗauke da ma'ana biyu, "rikici" a shafi na 8 yana nufin ƙarar da aka rubuta, a shafi na 20 yana nufin duk wata cacar baki a bakin gona. Sannan kammalawar babin tana amsa tambayar da gabatarwarsa ba ta yi ba.

Wani lokaci duk an bi waɗannan matakai amma abin ya ƙi. Alamar cewa saɓanin ya bar kan babi ya koma kan mutane ita ce gyara ya daina ambaton shafi ya koma ambaton ɗayan jagoran, ko a ƙi zama tare sau biyu sau uku ba da uzuri ba, ko a soke abin da aka riga aka amince da shi a rubuce ba tare da sabon dalili ba. Wannan ba abin da ɗalibi zai iya gyarawa da ƙarin karatu ba ne, kuma shiga tsakani ba aikinsa ba ne. A digiri na biyu ana kai maganar ga malamin da ke kula da shirin ko shugaban sashe, a digiri na uku kuma ga shugaban makarantar dakta. Idan kundin na haɗin gwiwa ne tsakanin jami'ar Nijar da wata ta waje, akwai yarjejeniyar da jami'o'in biyu suka sa wa hannu, kuma ita ake fara dubawa. Abin da ake kaiwa shi ne takardu: jerin gyare-gyare, shafin shawara, saƙonnin bayan zama, da ranar da ya kamata a ajiye kundi. Abin da ake nema kuma shi ne a tsayar da hanya ɗaya da za a bi, ba a hukunta wani ba. Kafin a kai, ya dace a sanar da jagororin biyu cewa za a kai, don kada su ji labari daga sama.

Idan an kai matakin da dole a bi ɗaya, ƙa'ida ta ba darakta, domin shi ke ɗauke da alhakin kundin a gaban jami'a. Ko a nan ra'ayin da aka bari ba ya ɓacewa. Wurinsa shi ne sashen tattauna sakamako ko na iyakokin bincike, inda za a rubuta shi da cikakken ƙarfinsa a matsayin wata hanyar karanta bayanan, a faɗi dalilin da ya sa ba a bi ta ba. A zauren kare kundi, tambayar da ta raba jagororin biyu kusan kullum tana dawowa daga bakin wani alƙali, don abin da ƙwararre ɗaya ya gani wani ma zai gani. Idan aka tambayi ɗalibin misalin nan me ya sa bai haɗa makiyaya cikin gwajinsa ba, amsar da ake jira ita ce ta lissafi da ta daji: gurbi biyu cikin takwas sun gaza 5, kuma 24 ɗin da ya samu mazauna ne, don da kaka ya yi zagaye, kafin a saki gonaki. Alƙalai ba sa karɓar "haka darakta ya ce" a matsayin amsa, kuma daraktan, da ke zaune a teburin tare da su, ba ya amsa tambaya a madadin ɗalibinsa.